Shaidun da na kai banki a Birnin Kudu

Na taɓa biyan kuɗin gadin babur wata biyar bayan na sayar da babur ɗin. Gara in faɗa da bakina tun farko, don a garinmu an riga an ba da labarin ta fuska bakwai, kuma a kowace fuska sai an ƙara mini wauta kan wadda na yi. Wadda na yi ɗin ma ta ishe ni.

Ni dillalin dabbobi ne. Shekara talatin da wani abu ina tsaye tsakanin mai akuya da mai son akuya, daga kasuwar Gwaram zuwa ta Sara. Karatuna na boko bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, shi ma na shiga ne saboda malamin yana raba alli, matata kuma tana son alli. Ina haɗa baƙi in karanta a hankali, ina rubutu kamar mai jan jaki a taɓo. Turanci kuwa sai dai in gaishe shi daga nesa.

Babur ɗin tsoho ne. In zan tashe shi sai na nemi gangara. Wani kaka, ranar kasuwar Sara, na ga taro a bakin tasha, na kutsa, don ni ba na wuce taro. Wani mutum ne mai riga da hatimin kamfani a ƙirji, yana tallar wata 'yar na'ura da ba ta kai akwatin ashana biyu ba. Ya ce tiraka ce. A ɓoye ta a cikin babur, ko ina ɓarawo ya kai shi, wayarka za ta nuna maka. A lokacin ana yawan satar babura, gaskiya ne. Amma kuma gaskiya ne ba ɓarawon da zai kalli nawa sau biyu. Abin da ya ja ni, na hango kaina a majalisa ina zaro waya ina cewa, "Ku duba, ga babur ɗina can a gindin darbejiya," alhali kowa yana ganinsa da idonsa.

Kuɗin na'urar na biya hannu da hannu. Na gadi kuma naira dubu shida duk wata, wakilin kamfanin ya ce ba sai na wahala ba, daga katina na ATM za a riƙa cirewa. Ya karɓi katin ya kwafe lambobin gaba da na baya a wayarsa. Banki ya turo mini wasu lambobi, na karanto masa ɗaya bayan ɗaya ina jin kaina wani babba. Ya ba ni wata takarda mai sheƙi mai hoton babur, na ninke na kai gida. Ban san da bakina na buɗe musu ƙofa na ba su mabuɗi ba.

Wata uku na yi ina nuna wa mutane babur ɗina a waya, har suka gaji. Da rani ya shiga, babur ya fara cin kuɗin gyara fiye da abin da nake samu, na sayar wa wani manomi daga wajen Kiyako. Aka rubuta takardar ciniki, aka sa rana, shaidu suka dangwala. Na cire na'urar na jefa a aljihu.

Ranar kasuwa na nemi wakilin. Na yi abin da na san ana yi. A wurinmu in za a warware ciniki, ba a yi a ɓoye. Ka kira mutum biyu masu hankali, ka faɗi maganarka a gabansu, a sha hannu, shi ke nan magana ta mutu, ko a gaban alƙali ta mutu. Na kira abokina wanzami, wanda muka tashi tare kuma bai taɓa barin wata wautata ta wuce bai yi mata kirari ba, na kira wani dattijo mai awon hatsi. Na ajiye na'urar a tafin hannun wakilin.

Na ce, "Ɗan nan, na sayar da babur. Na janye. Daga yau kada a ƙara taɓa mini kuɗi. Kun ji ko?"

Shaiduna suka ce sun ji. Wakilin ya ce, "Ba komai Baba, an gama." Muka sha hannu.

Da wata ya zagayo, waya ta yi ƙara a aljihuna. Dubu shida ta fita.

Ga inda abin ya daina zama na dariya. Kuɗin da ke cikin asusun ba nawa ba ne. Nawa sun daɗe da ƙarewa. Na Yayata ne, wadda nake bi, mu biyu muka rage a ɗakinmu. Mijinta ya rasu, tana zaune a ɗakinta a unguwar da ke bayan tamu, ba ta da asusu kuma ta ce ba za ta buɗe ba, wai ba za ta je a ɗauki hoton yatsunta kamar mai laifi ba. Ta sayar da riɗinta da tumaki biyu, ta haɗa dubu ɗari biyu cif, ta ce in ajiye mata a banki har gab da damina, za ta sauya rufin ɗakinta da ke yoyo. Da ta miƙo mini kuɗin a ƙulle cikin ɗankwali, ta ce, "Na san halinka. Amma amana ce." Ni kuwa na dafa ƙirji.

Wakilin na koma nema, aka ce an mayar da shi wata jiha. Na kira lambar da ke jikin takardar nan mai sheƙi. Aka sa mini kiɗa har katin wayata ya kusa ƙarewa, sannan wata murya ta ɗauka, na yi bayani tun daga gangarar da nake tashin babur. Ta ce in kwantar da hankalina, an rubuta. Na kwantar. Wata ya sake zagayowa, wata dubu shida ta bi ta farko.

A jikin takardar akwai wata lamba ta biyu, ta manhajar hirar nan da kowa ke tura saƙon murya. Ni gwanin saƙon murya ne. Na zauna a gindin bishiya na yi musu jawabi mai kyau, da sallama da gaisuwa da tambayar iyali, sannan na zo kan magana. Amma ranar sabis ya ƙi. Saƙon ya yi ta juyi bai tafi ba. Na hau kan tudu, na ɗaga wayar sama kamar mai roƙon ruwa, ya ƙi. Haushi ya sa na yi abin da ba na yi sai dole. Na zauna na rubuta da yatsa ɗaya. Ya ɗauke ni tsawon da za a sha shayi a wanke kofi. Abin da na rubuta shi ne: "Na saida babur. Bana so. A dena cire kudina daga yau." Na sa lambar wayata da lambar babur ɗin a ƙasa. Wannan ya tafi nan take, don rubutu ba shi da nauyi. Wata amsa ta dawo da Turanci, da wasu lambobi a ƙarshenta. Na kalle ta, ta kalle ni. Na ce wataƙila gaisuwa ce.

Na so in goge rubutun, don kunya. Na ga yadda na rubuta shi, na tuna 'yan bokon da za su karanta su yi dariya. Abin da ya hana ni, ban san inda ake dannawa a goge ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya.

Wata na uku suka cire. Na tura saƙon murya, yanzu ba gaisuwa. Alamar ta yi shuɗi, wato an saurara, ba wanda ya ce uffan. Na sake turawa. Na yi musu wa'azi, na yi musu barazana da sarkin kasuwa, na taɓa yi musu waƙa ma. Duka suka yi shuɗi.

Wanzami ya ce, "Kai dai ba ka da dabara. Ba ta katin suke shiga ba? Kashe katin."

Na ce, "Ta yaya?"

Ya zaro almakashinsa na gyaran gemu. A gaban shagonsa muka yanka katin gida huɗu, muka jefa a masai. Na koma gida ina tafiya kamar wanda ya kashe kura. Wata na huɗu, dubu shida ta fita, ba katin ba dalilinsa. Na je na same shi yana aske wani, na nuna masa wayar.

Ya ce, "To wannan kuma ba aikin wanzami ba ne. Nemi mai ruƙiyya."

Duk wannan Yaya ba ta sani ba. In na je gaishe ta sai in yi ta surutu kan farashin awaki don kada ta kai ga tambaya. Ban je banki ba saboda Birnin Kudu da nisa, da kuɗin mota, kuma a raina bankin ba ruwansa, ai ba da shi na yi ciniki ba. Ina ta cewa gobe kamfanin zai ji kunya.

An cire na biyar da kwana biyu, hadari ya fara haɗowa ta gabas da yamma. Yaya ta aiko in zo. Na tarar da kafinta ya gama auna ɗakin ya tafi, ya bar mata lissafi. Ta ce in ciro mata kuɗinta gobe.

Na ce, "Yaya, akwai 'yar magana."

Ta ajiye tsintsiyar hannunta. "Nawa ka ci?"

"Wallahi ban ci ba. Kamfani ne."

"Wane kamfani?"

"Na gadin babur."

"Wane babur? Ba ka sayar ba?"

"Na sayar."

"To me suke gadi?"

Ni ma tambayar da nake yi ke nan. Na ce dubu talatin ce ta fita, saura ɗari da saba'in. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dube ni irin duban da take yi mini tun ina yaro in na dawo da canjin aike bai cika ba, ta ce, "Kawo abin da ya rage." Da yake na yanka katin, sai da na tura kuɗin ta waya zuwa wurin mai POS ya ba ni a hannu. Kwano ya samu, katako ya samu, kuɗin kafinta da ƙusa suka gaza. Kwanon ya zauna jingine a bango, ruwan farko ya sauka, Yaya ta jera roba uku da tukunya a tsakar ɗaki.

Da ina da dubu talatin a lokacin da na ba ta. Ba ni da ita. Kuma ko da na samu, na san abin da za a ce: ya ci, ya ji kunya, ya biya. Mutumin da ya shekara sittin yana zolayar mutane, ranar da ya zo da gaskiya mai kama da tatsuniya ba mai saye. Ba kuɗin kaɗai nake nema ba. So nake su dawo ta hanyar da suka fita, Yaya ta gani.

Mai POS ɗin ne ya ce mini, "Baba, bankinka za ka je. Su suka ba ka katin, su ke da ikon bin kuɗin. Amma ka tafi da shaida."

Shaida kuwa ina da ita. Na biya wa wanzami da dattijo mai awo kuɗin mota, kowa ya sa rigarsa ta Juma'a, muka kama hanyar Birnin Kudu da sassafe. Takardar cinikin babur tana aljihuna. Takarda mai sheƙi sai da na kwance ta daga kanwar da matata ta ƙunshe a ciki, na kaɗe, na goge da hannun riga.

A ƙofar banki mai gadi ya ce mutum ɗaya zai shiga. Na ce shaiduna ne. Ya ce, "Ɗaurin aure ne?" Da ƙyar ya bar mu. Aka nuna mana teburin masu sauraron koke, inda wata mata mai gilashi take zaune, sa'ar 'yata ta biyu. Na gaishe ta, na jera mata dattawa biyu a gabanta, na ce, "Hajiya, ga waɗanda aka yi a gabansu. Tambaye su."

Wanzami bai jira tambaya ba. Ya gyara hula ya fara, "Ranar kasuwa ce, rana ta take tsaka, yana sanye da rigar nan tasa mai ɓarin goro…"

Ta danne dariya, ta bar shi ya kai aya, don tana da tarbiyya. Sannan ta ce, "Baba, na yarda da su. Wallahi na yarda. Amma ba ni zan yanke hukunci ba. Kokenka tafiya zai yi daga nan zuwa babban ofishinmu, daga can zuwa bankin da kamfanin yake karɓar kuɗi ta wurinsa. Waɗanda za su duba ba su san Baba wanzami ba, kuma ba zan iya cusa shi a kwamfuta in tura ba."

Wanzami ya ce, "Ko an cusa ni ba zan shiga ba."

Ta ce abin da ake so shi ne abin da ke ɗauke da rana a jikinsa, wanda zai nuna na ce a daina, da ranar da na faɗa, da wanda na faɗa wa. Ta tambayi katin. Na dubi wanzami, wanzami ya dubi silin. Da na faɗa mata inda katin yake, ta cire gilashinta ta goge ido.

Ta ce, "Baba, ba robar suke amfani da ita ba. Lambobin suna wurinsu tun ranar da ka bayar. Ko ƙona shi ka yi za su ci gaba da cira. Sai dai in mu muka rufe shi daga nan." Ta duba katin shaidata, ta tabbatar ni ne, ta rufe tsohon katin a gabana. Ta ce in ina son sabo in cika fom, zai zo da sababbin lambobi, kuma kada in ƙara karanta wa kowa su. Abin da na kasa a wata biyar ta yi shi kafin mai awo ya gama gyara zama.

Sannan ta buga takardar bayanin asusuna, ta ɗauki biro ta ja layi ƙarƙashin wuri biyar. Ga sunan kamfanin, ga rana, ga dubu shida, sau biyar. Na daɗe ina kallon takardar nan. Ko a nan aka tsaya, na samu abin da zan kai wa Yaya.

Ta ce, "Yanzu nuna mini inda ka ce musu su daina."

Na ba ta labarin kiran da na yi. Ta duba wayar, kiran ya daɗe da gogewa. Ta ce ko yana nan, zai nuna an yi kira ne kawai, ba zai nuna abin da aka ce ba, sai dai da sun ba ni lambar koke na rubuta. Na buɗe mata saƙonnin murya, ina alfahari. Ta kunna ɗaya. Sai ga muryata ta cika banki, daidai wurin da nake waƙar. Mutanen da ke kan layi suka juyo. Ta kashe da sauri.

Ta ce, "Waɗannan za su taimaka, sun nuna ka yi ta bi ba a kula ka ba. Kada ka goge ko ɗaya. Amma murya wuyar turawa gare ta, kuma mai dubawa ba lallai ya ji Hausa ba. Ba ka taɓa rubuta musu ba?"

Na ce, "A'a." Sai kuma na ce, "To, akwai wani abu, amma ba rubutu ba ne sosai."

Ta yi ta jan fuskar wayar sama har ta kai. Ta karanta. Na sunkuyar da kai ina jiran dariya. Ba ta yi ba. Ta ce, "Baba, wa ya rubuta maka wannan?"

"Ni ne. Sabis ne ya ƙi."

"Wannan shi ne maganar gaba ɗaya. Ka ce ba ka so, ka ce a daina, ka sa lambar babur, ga rana a sama. Ka san me suka amsa maka?"

"Gaisuwa?"

"Cewa suka yi sun karɓi saƙonka, ga lambar kokenka, za su tuntuɓe ka. Sun tuntuɓe ka?"

Na ce ko a mafarki.

Ta karɓi takarda mai warin kanwa, ta juya bayanta inda aka yi ƙananan rubutu, ta sa yatsa a wani layi. A nan kamfanin da kansa ya rubuta cewa mai son dainawa ya tura saƙo a rubuce zuwa wannan lamba kafin ranar cirar wata mai zuwa. Ta haɗa lambar da ke takarda da wadda na tura wa saƙo, ɗaya ce. Ashe ranar da sabis ya ƙi ni, ranar ce kaɗai na bi ƙa'idarsu, ban sani ba.

Ta nuna mini yadda ake ɗaukar hoton fuskar waya, a danna maɓalli biyu tare. Ta ce a ɗauka yadda lambar kamfanin za ta fito a sama, ranar ta fito, saƙona da amsarsu su fito a hoto ɗaya. Muka ɗauki na jerin saƙonnin murya da shuɗin alamarsu, muka ɗauki na alat, wato saƙonnin banki na cirar kuɗi. Aka yi kwafin takarda mai sheƙi gaba da baya, da takardar cinikin babur. Ta ce ita wannan ba ta nuna na soke ba, amma ta nuna dalili, a haɗa da ita. Asalin takardun ta mayar mini, ta ce su zauna a wurina, kwafi ake bayarwa.

Sai ta faɗa mini wanda ba na son ji. Cira uku da aka yi bayan ranar rubutuna, su za a bi. Biyun farko ba abin da zai nuna na soke kafin a cire su, kuma irin wannan koke yana da wa'adi, wajen wata huɗu ne daga ranar da aka ciri kuɗin, na farkon ma ya riga ya wuce. Ta ce da na ƙara wata biyu ina jiran kamfani ya ji kunya, da waɗannan ukun ma sun fara zubewa.

Dattijo mai awo ya ce, "Wato mu ba mu da amfani ke nan."

Ta ce, "Kuna da shi, Baba. Ku raka shi gida, kada ya tsaya wurin wani taron."

Ta cika fom tana tambayata ina amsawa, ta karanta mini abin da ta rubuta da Hausa, na sa hannu. Ta rubuta mini lambar kokena a wata 'yar takarda, ta ce wannan ita ce igiyar akuyata, in na sake ta ba wanda zai san wace ce tawa a garke. Ta ce za a ba kamfanin lokaci ya kare kansa, abin zai iya kai wata ɗaya ko fiye. In mako biyu ya wuce ban ji komai ba in zo ko in kira, kuma in bankin ne da kansa ya yi biris da ni, akwai hukumar da ke sa ido kan bankuna, da wannan lambar zan kai ƙara can. Ta ƙara da cewa duk wanda ya kira ni ya ce daga banki yake, in faɗa masa lambar sirri don a mayar mini da kuɗi, ɓarawo ne, in kashe wayar.

A hanyar komawa na saya wa shaiduna tsire a tasha. Wanzami yana ci yana cewa shi bai taɓa ba da shaida mai daɗi irin wannan ba.

Na kai wa Yaya takardar bayanin asusu. Ba ta karatu. Na nuna mata layukan biro biyar, na karanta mata sunan kamfanin a hankali. Ta juya takardar sama da ƙasa, ta miƙo mini, ta ce, "Takarda ai ba ta rufa ɗaki." Robobin suna nan inda suke.

Mako biyu ya cika, na kira, na karanto lambar. Aka ce ana jiran amsar kamfani. Na ce in amsarsu ake jira, a nemi tabarma. Wata ya zagayo ranar da suka saba cira, na wuni ina taɓa aljihu. Waya ba ta yi ƙara ba. Ban taɓa jin daɗin shirun waya irin na ranar ba. A mako na huɗu na sake zuwa da kaina, ni kaɗai, matar mai gilashi ta duba ta ce saura kaɗan wa'adinsu ya cika, in ba su kawo hujja ba hukunci nawa ne. Halin nan nasu na ƙin amsawa, da ya hana ni sukuni wata biyar, shi ne yanzu yake yi mini aiki.

Ana cikin mako na shida, ina tsakiyar kara, kasuwar dabbobi, ina riƙe da kunnen wani bunsuru, waya ta yi ƙara sau uku a jere. Na saki bunsurun. Dubu shida, dubu shida, dubu shida, duka shigowa. Na zauna a kan turke. Mai bunsurun yana ta faɗa, ni ina ta dariya kamar taɓaɓɓe.

Dubu goma sha biyun da ba ta dawo ba, tawa ce, ni na jawo ta da sha hannu a kasuwa. Na haɗa ta daga la'adar makonni uku, na cire sha takwas ɗin a wurin mai POS, na karɓi 'yar takardar da injinsa ke fitarwa. Tun daga lokacin akwai wata tsohuwar jakar leda a ƙarƙashin katifata. Duk takardar da kamfani ko banki ya ba ni tana ciki, duk wanda zan ce wa na fasa, sai na rubuta masa da yatsana ɗaya na ɗauki hoto, ko da muna zaune a tabarma ɗaya.

Da la'asar na nufi gidan Yaya. Tun daga lungu na ga hasken sabon kwano a kan ɗakinta. Ashe ta sayar da kajinta da ɗan wakenta, ta biya kafinta tun mako guda, ba ta gaya mini ba. Na shiga, na zauna, na kasa kuɗin kashi biyu a gabanta. Na ce wannan sha takwas banki ne ya ƙwato, ga alat ɗin, na karanta mata su uku. Wannan sha biyun kuma daga aljihuna, kuɗin wautata.

Ta ƙirga sau biyu tana lasar yatsa. Ta ɗauko ɗankwali ta ƙulle su tamau. Na yunƙura zan tashi, sai ta turo ƙullin gabana da ƙafa.

Ta ce, "Mayar da su can inda suke. Da kaka zan ƙaro maka na riɗi. Wa nake da shi da zan ba ajiya, in ba wawan nan ba?"